In Ƙara Ɗaya ko In Tsaya Nan? Tambayoyi da Amsoshi kan Kuɗin Ƙari da Amfanin Ƙari

Duk wanda yake ƙera wani abu don sayarwa yana fuskantar wannan tambayar kusan kullum, ko da bai furta ta ba: na yi kaza, in ƙara ɗaya ko in dakata? Amsoshin da ke ƙasa sun bi misali guda daga farko har ƙarshe, wato wani kafinta mai yin kujeru. Lambobin na misali ne, kuma ba a ambaci sunan kuɗi ba, domin lissafin ɗaya ne ko da wane irin kuɗi ake ciniki.

Mene ne kuɗin ƙari, mene ne kuma amfanin ƙari?

Kuɗin ƙari shi ne abin da zai ƙaru a kan jimillar kuɗin da kake kashewa idan ka yi guda ɗaya a kan waɗanda ka riga ka yi. Amfanin ƙari kuwa shi ne abin da wannan ɗayar za ta kawo maka wanda da ba ka yi ta ba, ba za ka same shi ba. Ga mai sayarwa, yawanci kuɗin da za su shigo ne. Ga mai saye, biyan bukatar da zai samu ne, wanda ake aunawa da iyakar abin da ya yarda ya biya.

Ƙa'idar gajeriya ce. Muddin amfanin ƙarin ɗaya ya fi kuɗinta, yi ta. Da zarar kuɗinta ya haura amfaninta, tsaya. A littattafan tattalin arziki ana rubuta kuɗin ƙari da alamar MC, kamar haka:

```
MC = ΔTC / ΔQ
```

Ma'anarsa, canjin da aka samu a jimillar kuɗin da aka kashe, a raba shi da canjin da aka samu a yawan kayan. Idan ɗaya tak aka ƙara, ba sai an yi rabawa ba, ɗebewa kawai ake yi.

A nuna mana da lambobi.

Kafintan nan yana biyan 300 kowace rana ko ya yi aiki ko bai yi ba: hayar wuri, da kason bashin injin yankan katako da yake biya. Kowace kujera yana sayar da ita 160, kuma a yanzu mu ɗauka cewa ko nawa ya yi za a saye a wannan farashin. Ga abin da littafinsa ya nuna:

| Kujeru a rana | Jimillar kuɗin da aka kashe | Kuɗin ta ƙarshe | Riba |
|---|---|---|---|
| 0 | 300 | | −300 |
| 1 | 390 | 90 | −230 |
| 2 | 470 | 80 | −150 |
| 3 | 540 | 70 | −60 |
| 4 | 615 | 75 | 25 |
| 5 | 700 | 85 | 100 |
| 6 | 800 | 100 | 160 |
| 7 | 920 | 120 | 200 |
| 8 | 1,065 | 145 | 215 |
| 9 | 1,240 | 175 | 200 |
| 10 | 1,450 | 210 | 150 |

Layin kuɗin ta ƙarshe ne wurin kallo. Kujera ta bakwai ta ci 120, ta kawo 160, ta bar masa 40. Ta takwas ta ci 145, ta bar masa 15. Kaɗan ne, amma ƙari ne a kan abin da ke aljihu. Ta tara ta ci 175 alhali 160 za a saye ta, saboda haka 15 ta ɗauke daga ribar da 'yan'uwanta suka tara. Ta goma ta ɗauke 50. Ribarsa ta kai ƙololuwa a kujeru takwas, wato 215, kuma bai buƙaci duba layin riba ba kafin ya gane haka. Kwatanta 145 da 160, sannan 175 da 160, ya wadatar.

Amma a kujeru tara kowace ɗaya ta tsaya masa a 138 ne kawai. Ta yaya za a ce akwai asara a abin da ake sayarwa 160?

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, har da waɗanda suka daɗe a sana'a kuma suke riƙe littafi da kyau. Gaskiya ne, idan aka raba 1,240 gida tara za a samu kusan 138. Wannan shi ne matsakaicin kuɗi, kuma lissafin daidai ne. Matsalar ita ce yana amsa wata tambaya dabam. Yana faɗa maka ko aikin ranar gaba ɗaya ya biya kansa. Bai ce komai a kan kujera ta tara ita kaɗai ba, domin ya cuɗa tsadarta da arahar takwas ɗin da suka gabace ta.

Kujeru takwas na farko sun riga sun samu, ribarsu tana nan ko an yi ta tara ko ba a yi ba. Abin da ke hannun kafinta a wannan lokacin shi ne zaɓi tsakanin rana mai ribar 215 da rana mai ribar 200. Wanda ya bi matsakaici zai yi ta tara, ya yi ta goma ma, tun da a goma matsakaicin 145 ne, har yanzu ƙasa da 160. Zai tashi a gajiye, ya ci katako da yawa, ya koma gida da 150, yana ganin ya yi ciniki. Abin da ya fi damuna game da wannan kuskuren shi ne ba ya ihu. Littafi yana nuna riba, ba wanda ya biyo bashi, don haka mutum yana iya shekara yana zubar da 65 kullum bai sani ba.

A lura da wani abu kuma. Matsakaicin kuɗi ya fi sauka a kujeru bakwai, inda yake kusan 131. Wasu suna ɗauka nan ne ya kamata a tsaya, tun da nan kaya suka fi araha. Ba haka ba ne. Ta takwas ta ɗaga matsakaicin zuwa 133, amma ta ƙara riba. Kafinta riba yake nema, kuma matsakaici mafi ƙanƙanta bai zama lalle ya zo tare da riba mafi girma ba.

Me ya sa kuɗin ƙari yake fara sauka sannan ya hau?

Saukar farko daga shiri take zuwa. Kujera ta farko ita ke ɗaukar nauyin saita inji, da auna ma'auni, da haɗa fenti. Ta biyu da ta uku suna cin moriyar wannan shirin, kuma guntayen katakon da suka rage daga ɗaya suna shiga ɗaya.

Hawan kuwa dalilinsa shi ne akwai abin da ba ya ƙaruwa a cikin yini. Inji ɗaya ne, benci ɗaya ne, wurin shanya fenti ba ya faɗaɗa. Da aiki ya yi yawa sai ma'aikata su fara jiran juna a bakin inji. Lokacin tashi ya yi, sai an biya kuɗin ƙarin lokaci. Katakon da aka saro da araha ya ƙare, sai an aika a sayo ɗai-ɗai da tsada. Hannu ya gaji, sai yanka ya karkace, a jefar a sake. Masana suna kiran wannan raguwar sakamako: idan ana ƙara hannu da kayan aiki a kan abin da yake tsaye wuri ɗaya, kowane ƙari yana haifar da ƙasa da wanda ya gabace shi. Turgot, masanin Faransa, ya bayyana haka game da gona tun a ƙarni na 18, inda ya nuna cewa ƙara aiki a kan fili ɗaya yana ƙara amfanin gona, amma ƙarin yana ta raguwa bayan wani matsayi.

Saukar farkon nan tana da ɗan tarko. Da farashi zai faɗi zuwa 85, kujera ta farko mai cin 90 za ta yi kama da asara, amma wanda ya tsaya a nan bai ga cewa ta biyu da ta uku da ta huɗu duk suna ƙasa da 85 ba. Wurin tsayawa ana nemansa ne a ɓangaren da kuɗin ƙari yake hawa.

Wani ya taya min kaya ƙasa da abin da suka tsaya min. In sallama?

Ya danganta da wane "abin da suka tsaya min" kake nufi. A ce rana ce marar ciniki, kafinta ya samu odar kujeru uku kacal. Ya kashe 540, ya karɓi 480, yana cikin asarar 60. Matsakaicin kuɗin kujera a ranar 180 ne. Sai ga wani ya ce a yi masa ɗaya a 110, ba zai ƙara ko kaɗan ba.

Zuciya za ta ce a'a, tun da 110 bai kai 180 ba, bai ma kai farashin kullum ba. Amma kujera ta huɗu 75 za ta ci. Hayar nan ta 300 an riga an biya ta, ba za ta ƙaru don an yi ta huɗu ba. Idan ya karɓa, abin da ya shigo ya zama 590, abin da ya fita 615, asara ta ragu daga 60 zuwa 25. Matsakaicin da ya sa shi yin kujerar da bai kamata ba a ranar cunkoso, shi ne zai sa ya ƙi wadda ta kamata a ranar zaman banza. Kamfanonin jiragen sama da wannan lissafin suke aiki: idan jirgi zai tashi ko ta yaya, ƙarin fasinja ɗaya a kujerar da ba kowa ɗan abu kaɗan yake ci, saboda haka ko tikiti mai rangwame ya fi kujera wayam.

Sai dai kafin a sallama akwai abubuwa biyu da nake ganin dole a tambayi kai. Na farko, shin wannan cinikin zai tsaya shi kaɗai? Idan masu sayen 160 suka ji labari suka ce su ma 110 za su biya, to amfanin ƙarin ba 110 ba ne, 110 ne a cire duk abin da za a rasa a wajensu. Na biyu, shin da gaske wurin a buɗe yake? Idan odar za ta faɗo a ranar da ake yin takwas, kujerar ta zama ta tara mai cin 175, ko kuma ta ture wadda za a saya 160. Tayi ɗaya ne, amma amsarsa tana canzawa da ranar da ya zo.

Idan an ƙara min kuɗin haya, ba sai in ƙara yawan kayan da nake yi don in cike giɓin ba?

A'a, kuma wannan amsar tana ba mutane mamaki. A ce haya ta tashi, 300 ta koma 400. Kowane layi na jimillar kuɗi ya ƙaru da 100, amma bambancin da ke tsakanin layi da layi bai motsa ba. Ta takwas tana nan a 145, ta tara tana nan a 175. Ribar takwas ta koma 115, ta tara ta koma 100. Takwas ɗin dai ita ce ta fi. Wanda ya ƙara ta tara don ya cike giɓi ya ƙara faɗin giɓin ne da 15.

Kwatanta da tashin farashin katako. Idan katakon kowace kujera ya ƙaru da 20, ta takwas ta koma 165, ta haura 160, sai a tsaya a bakwai. Kuɗin da ke tafiya da yawan kaya shi ke canza wurin tsayawa. Kuɗin da ke tsaye yana canza girman riba ne, kuma idan ya yi nauyi ƙwarai yana iya tayar da wata tambayar dabam, wato ko a ci gaba da sana'ar a wannan wurin idan wa'adin haya ya cika.

Na riga na zuba kuɗi da yawa a wani aiki. Ba asara ba ce in bar shi?

Abin da ya fita kuma ba zai dawo ba, ba shi da gurbi a lissafin ƙari. A ce kafinta ya kashe 200 a kan wata kujera ta musamman, sai mai odar ya fasa. Kammala ta zai ci ƙarin 60, kuma iyakar abin da za a saye ta 150 ne. Jimilla 260 a kan 150, asara ce babu shakka. Amma 200 ɗin ta tafi ko ya kammala ko ya jefar. Zaɓin da ya rage shi ne ya kashe 60 ya karɓi 150, ko ya bar ta ya karɓi sifiri. Sai ya kammala. Da a ce kammalawar 170 za ta ci, sai ya bar ta, ko da 2,000 ya riga ya kashe.

Faɗar haka ta fi aikata shi sauƙi, domin mutum ba ya son ya ga wahalarsa ta tafi a banza. Gwamnatoci ma suna faɗawa ciki. Birtaniya da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin Concorde bayan alamu sun nuna cewa cinikinsa ba zai mayar da abin da aka kashe ba. Jirgin ya fara ɗaukar fasinja a 1976, aka daina amfani da shi a 2003, kuma har yau ana kiran irin wannan kuskuren da sunansa.

Mene ne zai faru idan sai na rage farashi kafin in sayar da ƙarin ɗaya?

A nan amfanin ƙari ya rabu da farashi, kuma wannan shi ne halin da yawancin masu ƙera kaya suke ciki a zahiri. Har zuwa yanzu mun ɗauka kasuwa za ta shanye ko nawa aka yi a 160. Yanzu a ce kafintan yana da nasa salo da nasa masu saye. A 170 yana sayar da shida a rana. Idan yana so ya sayar da bakwai, dole ya sauko 160, kuma ba zai iya ɓoye ragin ga sauran shidan ba.

Shida a 170 sun kawo 1,020. Bakwai a 160 sun kawo 1,120. Ƙarin da aka samu 100 ne. Kujerar ta bakwai ta shigo da 160, amma ta jawo ragin 10 a kan kowace ɗaya daga cikin shida, wato 60. Wannan 100 ɗin shi ne ainihin amfanin ƙari, wanda littattafai suke rubutawa MR. Kuɗin ta bakwai kuwa 120 ne. Saboda haka ya tsaya a shida da ribar 220, maimakon bakwai da ribar 200, duk da cewa farashin kujerar ya fi kuɗin yin ta nesa ba kusa ba.

Augustin Cournot, masanin lissafi ɗan Faransa, ya fitar da wannan sharaɗin da lissafi a 1838. Daga nan ake gane dalilin da ya sa kamfanin da ba shi da abokin gasa yakan taƙaita kayan da yake fitarwa. Mai saye yana nan a shirye ya biya 160 a kan abin da 120 ya isa a yi, amma ba za a yi ba, domin yin sa zai taɓa farashin sauran.

Ana iya ci gaba da aiki alhali ana asara?

Ana iyawa, na ɗan lokaci. A ce kasuwa ta faɗi, kujera ta koma 100. Kujeru biyar za su kawo 500 a kan kuɗi 700, asarar 200. Rufe ƙofa kuwa asarar 300 ce, tun da haya da bashi ba sa hutu. Gara a buɗe. Amma idan farashin ya gangaro 75, mafi kyawun abin da za a iya yi shi ne kujeru huɗu, 300 a kan 615, asarar 315. Nan rufewa ta fi, domin cinikin bai ma biya katako da ladan aiki ba, balle ya rage wani abu daga haya.

Wannan hukuncin na gajeren zango ne. Ranar da wa'adin haya ya ƙare, ko injin ya tsufa ana shawarar sayen sabo, 300 ɗin nan ta daina zama abin da ke tsaye, ta zama zaɓi. A ranar dole ta shiga lissafi. Wanda ya mayar da farashin ranar zaman banza ya zama farashinsa na kullum, yana kafa hujja da cewa ya fi kuɗin ƙari, zai wayi gari inji ya mutu babu kuɗin sayen wani.

Wasu abubuwan ba a ƙara su ɗaya-ɗaya. Ya za a yi da ɗaukar ma'aikaci ko sayen inji?

Sai a ɗauki dunƙulen a matsayin "ɗaya". A ce kafinta ya samu wuri mai faɗi yana shawarar ƙara ma'aikaci a kan ladan 400 a rana. Sabon hannun zai ƙara kujeru biyar, kowace tana cin kayan aiki na 60, ana sayar da ita 160. Abin da ya kawo 500 ne, ladansa 400, a ɗauke shi. Na bayansa zai tarar da inji a cunkushe, kujeru uku kawai zai ƙara, 300 a kan ladan 400. Ba don ya fi na farko lalaci ba, wurin ne ya cika. Johann Heinrich von Thünen, wani Bajamushe mai gona a Mecklenburg wanda ya shafe shekaru yana rubuta lissafin gonarsa dalla-dalla, ya kai ga wannan ƙa'idar a rubutunsa na 1850: a ci gaba da ɗaukar ma'aikata har sai abin da na ƙarshe yake ƙarawa ya yi daidai da ladansa.

Wane kuɗi ne aka fi mantawa da shi?

Lokacin mai sana'ar kansa, da abin da zai iya yi da shi. Idan awa biyun da za a yi kujera ta takwas a ciki za su iya zama gyaran tebur da zai bar 40 a hannu, to kujerar mai barin 15 ta faɗi, ko da littafi bai nuna an fitar da ko sisi ba. Haka lalacewar inji da ke zuwa da yawan aiki, da kujerar gaggawa da za a dawo da ita bayan wata guda ƙafa ta saki.

Akwai kuma kuɗin da wani ne yake biya. Ƙurar katako da warin fenti da ƙarar inji da dare suna sauka a kan maƙwabta. Idan kujera ta takwas, wadda ake yi bayan kowa ya koma gida, tana jawo musu cutarwar da ta kai 30, to ainihin kuɗinta 175 ne, duk da cewa kafinta 145 yake gani. Shi ya ci 15, jama'a sun yi asarar 15 idan aka haɗa duka. Arthur Pigou na jami'ar Cambridge ya ba da shawara a 1920 cewa a sa haraji daidai da irin wannan cutarwar, don mai yanke shawara ya ji nauyinta a aljihunsa. Harajin hayaƙin masana'antu da wasu ƙasashe suke karɓa a yau daga wannan tunanin ya samo tushe. Ni dai a ganina, wanda ya san cewa ribar ƙarinsa daga lafiyar maƙwabcinsa take fitowa bai kamata ya jira haraji ba.

Mai saye fa, shi ma yana da nasa lissafin?

Ƙwarai. Mai gidan da ba shi da kujera ko ɗaya zai biya da yawa a kan ta farko. Ta huɗu ta cika teburin cin abinci. Ta bakwai sai dai idan an yi baƙi, don haka ba zai saye ta ba sai da ragi. Amfanin ƙari yana sauka yayin da abu yake yawaita a hannu, kuma mai saye yana tsayawa inda amfanin ya sauko daidai da farashi.

Wannan fahimtar ce ta warware wata tsohuwar matsala da masanin tattalin arziki Adam Smith ya ambata a 1776: ruwa ba a rayuwa sai da shi amma yana da araha, lu'ulu'u kuwa ba ya kashe ƙishirwa amma yana da tsada. William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Vienna, dukansu a 1871, sai Léon Walras a Lausanne a 1874, kowa ta hanyarsa ya nuna cewa farashi yana bin darajar ƙarin ɗaya ne. Inda ruwa yake da yawa, ƙarin kofi ɗaya ba ya canza komai, ko da yake ruwan gaba ɗayansa shi ne rai.

Da gaske 'yan kasuwa suna yin wannan lissafin?

Ba kamar yadda yake a littafi ba. A 1939 wasu masana biyu na Oxford, Hall da Hitch, sun wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu kamfanoni, kuma yawancinsu sun ce suna haɗa duk kuɗin da suka kashe ne, su raba, su ɗora riba a kai. An daɗe ana muhawara a kan abin da wannan yake nufi. Ra'ayina shi ne hanyoyin biyu kowace da aikinta. Wajen sa farashin da za a zauna a kai tsawon shekara, dole a duba duk kuɗin, har da haya da inji. Wajen yanke shawarar ko a tsaya aikin dare yau, ko a karɓi wannan odar, ko a ƙara hannu, lissafin ƙari ne kaɗai yake ba da amsa daidai.

Ni ba ni da jadawali irin wannan. Ta ina zan fara?

Ba ka buƙatar layi goma. Layi biyu sun isa. Ɗauki makon da ka yi kaya kamar yadda ka saba, da makon da ka yi fiye da haka. Rubuta abin da ya fita a kowane mako, ka cire haya da duk abin da bai canza ba. Ɗebe ƙaramin daga babban, ka raba da yawan ƙarin kayan. Idan a makon kujeru 40 kayan aiki da lada sun ci 3,825, a makon kujeru 50 kuma sun ci 5,750, bambancin 1,925 ne a kan kujeru 10, kusan 193 kowace ɗaya. Ana sayar da su 160. Makon da ya fi hayaniya shi ne ya fi ƙarancin riba.

Ka tabbata makonnin biyu sun yi kama da juna ta sauran fuskoki. Idan farashin katako ya tashi a tsakani, ko ka sayi fentin wata guda a mako ɗaya, lambar za ta ruɗe ka, sai ka lissafa abin da aka yi amfani da shi kawai a makon, ban da abin da ya rage a ajiye. Sannan ka riƙa lura da alamomin da ke zuwa kafin lissafi ya nuna: ma'aikaci tsaye yana jiran inji, aika yaro sayen kaya da gaggawa, tarin yankan da aka ɓata, da kayan da ake dawowa da su gyara. Idan biyu daga cikinsu suka bayyana a mako ɗaya, sake yin ɗebewar nan kafin ka karɓi oda ta gaba.